Na samu sitaj a kabinen odit, mi zan tarar a shekarar farko?

Tambaya: Salamu alaikum Yaya. Na ƙare lisans na kontabilite bana, kuma wani kabine ya ɗauke ni sitaj na odit, farkon watan gobe zan fara. Gaskiya tsoro nake ji, don abin da muka yi a lakwal duk a allo ne. Wane aiki ake ba sabon shiga a shekarar farko, kuma mi ya kamata in fi maida hankali in koya?

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sa albarka, ya sa ka shiga a sa'a.

Bari in fara cire maka wani abu daga kai, don ni ma da shi na shiga: ba za a aza ka kama ɓarawo ba. Shekarar farko kusan dukanta aiki guda za ka yi ta maimaitawa ta fuska daban daban, wato a ba ka lamba da ke rubuce cikin littafin kamfani, a ce je ka nemo abin da ke tabbatar da ita a waje. In littafi ya ce akwai miliyan 14 a banki, ina takardar banki. In ya ce akwai buhu 4,200 a mangaza, tashi ka je ka ƙirga. In ya ce an sayi kaya ran kaza, ina faktir, ina bon na karɓar kaya, ina shekin da aka biya. Sannan ka rubuta abin da ka gani yadda wanda bai je wurin ba in ya karanta zai gane, ba sai ya kira ka a waya ba. Wanda ya iya wannan a wata goma sha biyu ya ci shekararshi, sauran abubuwan manya na zuwa daga baya.

Yadda shekarar ke tahiya kuwa, dokar OHADA, wato dokar kasuwanci ta bai ɗaya da ƙasashenmu ke bi, ita ce ta tsara ta, tunda a ƙasashenmu shekarar lissafi na rufewa ran 31 ga Disamba, kamfani na da wata huɗu ya kammala takardun ƙarshen shekara, kuma masu hannun jari su zauna kansu cikin wata shida. To kai ma haka rayuwarka za ta bi. Daga Oktoba zuwa Disamba ana zuwa duba yadda kamfani ke tafiyar da aikinshi, wa ke sa hannu, wa ke riƙe makullin kes, wa ke karɓar kaya. Ƙarshen Disamba ƙirgar kaya. Fabrairu zuwa Afrilu shi ne lokacin wahala na gaske, ga zafi ga dosiye sun taru, wata shekarar ga azumi a ciki, nan ne za ka san ka shiga odit. Bayan Yuni abin na lafawa, sai a koma odit na porojen ƙungiyoyi, wanda mu nan Maradi shi muka fi gani ma, don manyan kabine yawancinsu a Yamai suke, sai dai su turo mutane misiyon.

Zan ba ka labarin aiki guda da na yi da hannuna ina sabon shiga, don in ka gane shi ka gane rabin sana'ar. Wani kamfanin sarin shinkafa da mai ne, ba zan faɗi suna ba, SARL ne, irin kamfanin da bai kai babban kamfanin hannun jari SA tsari ba, amma ya girma har doka ta tilasta mishi ɗaukar mai binciken lissafi, wanda ake ce ma komiser-o-kont. Ka san ƙa'idar, SA dole ne, SARL kuma sai in ya cika biyu cikin ukun nan: jimillar bilan, wato takardar dukiya da bashin kamfani, ta haura miliyan 125, cinikin shekara ya haura miliyan 250, ko ma'aikata na dindindin sun haura 50. Ran 31 ga Disamba shef ya aje ni bakin mangaza da safe, ya ba ni takardun ƙirga da biro, ya ce kar in yarda kaya su shiga ko su fita ana cikin ƙirga, in kuma dole ta sa, in rubuta lambar mota da yawan buhu.

Abu na farko da ya kamata ka sani, ba kai ke da ƙirgar ba. Kamfani ne ke ƙirga kayanshi, kai kana kallon yadda suke yi, sannan ka zaɓi wasu ka sake ƙirgawa da kanka. Kuma ta hanya biyu ake yi, ka ɗauki layi daga takardarsu ka je ka nemo kayan a ƙasa, wannan na nuna maka abin da suka rubuta akwai shi da gaske, sannan ka tsaya gaban wani tari da idonka ya zaɓa ka koma takarda ka ga ko sun rubuta shi, wannan kuma na nuna ba su bar komi a baya ba. Sabbin shiga na yin na farko su manta na biyu, kullum.

Buhu ba ɗaya ɗaya ake ƙirga shi ba, kwana za ka yi. Tari ake ƙirgawa, tsawo sau faɗi sau hawa. Shinkafa mai kilo 25 ce, na tarar da tari uku kowane buhu 10 a tsawo, 6 a faɗi, hawa 20, wato 1,200 kowane, 3,600 ke nan, sai wani ƙaramin tari kusa da ƙofa mai buhu 600, sabo fil ko ƙura bai yi ba. Jimilla 4,200. Amma fa lissafin tsawo sau faɗi yana aiki ne kawai in cikin tarin cike yake, shi ya sa sai ka hau sama. Ni ranar da takalmi sau-ciki da farar riga na je wai ni ma'aikacin biro, 'yan dako suna ta dariya ina hawa kamar akuya, amma na hau, don an taɓa ba ni labarin tarin da aka gina kamar ɗaki, bango huɗu na buhu tsakiya fayau. Ka hau, ka taka tsakiya, ka sa a ɗaga buhu biyu uku. Ka duba na ƙasan ma, wanda ruwan damina ya taɓa ko ƙwari suka ci, don buhun da ya lalace ana ƙirga shi amma ba a ba shi kuɗin mai lafiya, sai an rage darajarshi a littafi, kuma in kai ba ka rubuta ba ranar, a watan Maris ba wanda zai tuna.

Fishin mai mangaza ta ce 4,200, ƙirgata ta ce 4,200, na ji daɗi na ce aiki ya yi kyau. Kafin in fita na yi abin da shef ya ce in yi ko da ban gane amfaninshi ba lokacin, na karɓi littafin bon na shigar kaya da na fitar kaya, na rubuta lambobin biyar na ƙarshe na kowane, da kwanan wata da yawan buhu, na ɗauki hotonsu da waya. Na ƙarshe a na shiga shi ne buhu 600, ran 29 ga Disamba, tarin nan na bakin ƙofa.

Sai watan Maris muka koma aikin ƙarshe. Shef ya ce ɗauko bon ɗin nan naka biyar, bi kowane ka ga ranar da aka shigar da sayenshi a littafi. Huɗu na same su cikin kont 601, sayen haja, a watan Disamba lafiya lau. Na biyar babu. Na bi Disamba layi layi ban gan shi ba, sai da na roƙi littafin Janairu na sabuwar shekara, ga shi nan zaune, faktir mai kwanan wata 6 ga Janairu, buhu 600 a kan jika 12, miliyan 7 da dubu 200. Mai kawo kayan ne ya yi jinkirin rubuta faktir, kontabul kuma shi da faktir yake aiki, ranar da ta zo ranar ya shigar. Ba wanda ya saci komi.

To mi ya ɓaci? Tsaya ka bi shi a hankali don nan ne gishirin. Ribar ɗan kasuwa ita ce ciniki a cire kuɗin kayan da aka sayar, kuɗin kayan da aka sayar kuma shi ne kayan farkon shekara a haɗa da sayayya a cire kayan da suka rage. Buhu 600 ɗin nan an ƙirga su cikin kayan da suka rage, wato an cire su, amma ba a taɓa haɗa su cikin sayayya ba. Ka cire abin da ba ka zuba ba ke nan. Sai ya zama kamar kyauta aka ba kamfanin shinkafar, ribar shekara ta kumbura da miliyan 7.2, bashin da ake bin kamfanin kuma ya ragu da miliyan 7.2 a bilan. Ribar da suka nuna kafin haraji miliyan 60 ce, ta gaskiya miliyan 52 da dubu 800. Gyaran layi biyu ne kawai, mu aje zancen TVA gefe: debi 601, keredi 408, kont ɗin masu kawo kaya da faktir ɗinsu bai iso ba tukuna.

Ko abin ya kai a tada hankali a kai? Nan ne za ka ji ana maganar sey, wato iyakar da kuskure in ya wuce ta zai iya canja tunanin mai karanta lissafin. Ba kai ke yanke ta ba, shef ne, kuma ba doka ce ta ce kashi kaza ba, hukuncin mai aiki ne, amma da yawa sukan ɗauki wajen kashi 5 cikin 100 na riba kafin haraji. A nan ya kama miliyan 3. Namu ya ninka ta fiye da sau biyu, don haka ko su gyara ko ya fito a rahoto. Da jika 40 ne da rubuta shi kawai za a yi cikin jerin ƙananan kurakurai a wuce. Ka tambayi wannan lambar ranar farko ta kowane misiyon, in ba haka ba za ka ɓata yini biyu kana neman dala ashirin alhali miliyoyi na wucewa ta bayanka, na ga wanda ya yi.

Wani abin da na koya daga baya, ko ba bon ana iya shinshino wannan matsalar daga biro, in ka yi lissafin buhu maimakon na kuɗi. Sun fara shekara da buhu 3,000, littafi ya ce sun sayi 50,600, sun sayar da 50,000, ya kamata 3,600 su rage. An ƙirga 4,200. Rarar 600 daga ina? Mutane na tsoron giɓi su yi murna da rara, alhali a odit rara ma alama ce ta wani abu bai shiga littafi ba, ko kuma kayan wani ne aka aje amana a mangazar aka ƙirga da su, wanda a garin nan ba baƙon abu ba ne, Alhaji ya ba abokinshi wuri ya aje kaya ba takarda ba komi. Kuma ka lura da iyakar kowace hujja. Wasiƙar da muke aika ma masu kawo kaya su faɗi nawa suke bin kamfani ran 31 ga Disamba hujja ce mai ƙarfi don daga waje take zuwa kai tsaye hannunmu, amma a wanga lamari ba za ta nuna komi ba, tunda shi ma mai kayan a Janairu ya rubuta. Bon ɗin nan da na kwafa ina gumi ina ƙunƙuni shi kaɗai ya riƙe zancen.

Sai kuma yadda aka faɗa ma kontabul ɗin, wanda shi ma darasi ne. Dattijo ne, ya girmi babana, ya fi shekara ashirin a kujerar. Ni da zafin kai na so in shiga in ce an yi kuskure. Shef ya ce a'a, kai dai je ka tambaya. Na je na gaishe shi yadda ya kamata, na aje bon da faktir gefe da gefe na ce Baba, ban gane nan ba, a taimaka mini, kayan ga sun shigo 29 ga wata amma na ga sayen a Janairu, ko akwai inda aka yi mishi tanadi ban gani ba? Ya sa tabarau ya duba, ya yi shiru, ya ce kai yaro bari in gani. Da shef ya zo sai ya ƙara mishi da cewa harajin riba kashi 30 cikin 100 ne, a kan miliyan 7.2 da ba su ci ba za su biya miliyan 2 da dubu 160 bana. Kafin la'asar shi da kanshi ya shigar da gyaran. Ka riƙe wannan salon na "ban gane ba, a nuna mini", ba munafunci ba ne, don sau da yawa da gaske kai ne ba ka gane ba, akwai bayanin da ba ka sani ba, in ka shiga da zargi kuma aka nuna maka takarda ka zubar da mutuncinka da na kabine. Amma ladabi bai hana ka tsaya kan takarda. In ya ce maka ai an biya, ka ce to Baba a ba ni kwafin in sa a dosiye. Kunya irin tamu ta hana yaro maimaita roƙo ga babba ita ce babbar cutar sabon oditer a nan, sai ka ga yaro ya rubuta "an tabbatar" alhali baki kawai aka faɗa mishi.

Ni ma na taɓa yi, a wajen daidaita littafi da takardar banki, wanda shi ne kusan abin farko da za a miƙa maka. Littafi kont 521 ya ce 14,350,000, takardar banki ta ce 16,825,000, bambanci 2,475,000. Kontabul ya ba ni tebur mai kyau ya bayyana shi: sheki na 2,500,000 da aka rubuta ran 30 ga Disamba mai shi bai kai banki ba tukuna, da kuɗin hidima 25,000 da banki ya cire, kamfani bai shigar ba. Ka cire 25,000 daga littafi, ka cire 2,500,000 daga banki, duka biyu su tsaya 14,325,000. Na buga a kalkuleta ya yi daidai, na sa alama na miƙa. Shef ya dawo mini da takardar da jan biro, tambaya guda: yaushe shekin ya fita? Ban sani ba. Ai tebur kowa na iya sa shi ya daidaita, in akwai giɓi sai a ƙirƙiro layi a ce kuɗi ne a hanya. Aikinka shi ne ka ɗauko takardar banki ta Janairu da Fabrairu, ta asali ba wadda aka sake bugawa a Excel ba, ka ga shekin ya fita, nawa, ran nawa, sunan wa. Wanda ya fi haɗari ma shi ne kuɗin da aka ce an kai banki ran 31 ga Disamba amma banki bai nuna ba. In ya bayyana 2 ko 3 ga Janairu ba komi. In sai 20 ga wata ya bayyana, to kuɗin nan a aljihun wani ya yi sati uku, ka kai ma shef, kar ka yi maganar da kowa a kamfanin. Haka kes, in za ka ƙirga kuɗi mai kes na tsaye a wurin, kar ka taɓa yarda a bar ka kai kaɗai da kuɗin mutane ko minti guda, ku gama ku sa hannu ku biyu. Kuma za ka tarar da 'yan takardu a cikin akwatin, wane ya karɓi jika 50 zai maido, waɗannan ba kuɗi ba ne, bashi ne, daban ake rubuta su.

Af, tunda a Maradi za ka yi aiki, ka kula da bakin kasuwa da bakin takarda. Mai mangaza in ya ce maka buhu dubu biyu da ɗari huɗu ne kuɗinshi, da dala yake magana, jika 12 ke nan, kar ka rubuta 2,400. Kuma kayan da aka saro Katsina ko Kano da naira, ka tambayi canjin da aka yi amfani da shi da ranar, da shaidar ɗan canji in akwai, don nan ma lambobi na zamewa.

Abin da za ka koya kuwa, ni a ganina kar ka rarraba hankalinka. Na farko kontabilite ita kanta, ba ta jarrabawa ba, wadda in an ce maka an manta faktir nan take ka ga wane kont ya ƙaru wane ya ragu da inda riba ta nufa. Wanda bai iya shigar da lissafi ba ba zai iya binciken na wani ba. Tsarin lissafin kamfanoni na SYSCOHADA da aka sabunta, wanda ya fara aiki 1 ga Janairun 2018, ka aje jerin kont ɗinshi a wayarka, 31, 401, 408, 411, 521, 571, 585, 601, 66, 701 su zama kamar lambar wayar gidanku. Shi 585 ɗin nan, na kuɗin da ke tahiya tsakanin kes da banki, ya kamata ya zama sifili a ƙarshen shekara, in ka ga saura a ciki ka tsaya ka tona. In odit na ƙungiyoyi za a fi tura ka, su nasu tsarin daban ne yanzu, SYCEBNL, a Yamai aka amince da shi a Disambar 2022 ya fara aiki 2024, ka nemi shi ma ka karanta.

Na biyu Excel, kuma ba ado nake nufi ba. Za a fiddo maka babban littafi mai layi dubu talatin daga Sage, lojisiyel ɗin da ake shigar da lissafi, a ce tattara. Abu uku sun ishe ka fara: ka iya yanko farkon lambar kont, ka iya tara kuɗi bisa sharaɗi, ka iya ɗauko lambar bara ka aje kusa da ta bana.

```
=GAUCHE(A2;3)
=SOMME.SI.ENS(E:E;G:G;"601")
=RECHERCHEV(A2;Balance_N1!A:D;4;FAUX)
```

A nan lambar kont na cikin A, kuɗi na cikin E, ta farkon kuma a G ake sa ta. Ka ƙara da tebur mai juyawa, wanda a allon za ka ga an rubuta Tableau croisé dynamique. Tarkon da zai fara kama ka shi ne lambobin da suka fito daga Sage a matsayin rubutu ba lamba ba, sai jimilla ta ba ka sifili ko RECHERCHEV ta yi ta ba ka #N/A alhali kana ganin kont ɗin da idonka. Kuma kafin ka fara kowane aiki a kan fayil, ka tara debi da keredi ka ga sun yi daidai da balans ɗin da aka ba ku, wato jerin jimillar kowane kont, don an sha ba mu fayil na jiya alhali an ƙara rubutu yau, ka yi aikin kwana biyu a kan tsohon abu.

Na uku rubutu, wanda ba wanda ke faɗa ma yara. Kowace takardar aiki ta faɗi mi kake son tabbatarwa, mi ka yi, daga ina ka samu takardun, mi ka gani, mi ka yanke, da sunanka da kwanan wata. "Na duba, lafiya lau" ba aiki ba ne. "Na ɗauki bon 5 na ƙarshe, 4 sun shiga Disamba, 1 na buhu 600 ya shiga Janairu, ga kwafi" shi ne aiki. Da Faransanci ake rubutawa, don haka in naka na da rauni ka gyara shi tun yanzu, gajerun jimloli ba fankama. Ƙa'idojin odit na duniya, ISA, kuma ba sai ka haddace su duka ba, ka karanta 230 ta rubuta aiki, 500 ta hujja, 501 da ta shafi ƙirgar kaya da 505 ta wasiƙun tabbatarwa, kowace ka karanta ta daren da za ka yi aikinta, ta fi zama a kai. Jan biron shef kuma kar ya ɓata maka rai, wata ukun farko takardarka za ta dawo kamar an yanka kaza a kanta, ka buɗe ɗan littafi kana rubuta kowane gyara don kar a yi maka shi sau biyu, gyara na biyu a kan abu guda shi ke sa a fara raina mutum. In ka maƙale kuma, ka yi ƙoƙarin rabin awa, in bai fita ba ka tambaya, kar ka zauna shiru har magariba.

Saura abu biyu da ba fasaha ba ne amma su ke kore mutum daga sana'ar. Garin nan kowa ya san kowa, za ka ga albashin maƙwabcinku, za ka ga bashin da ake bin Alhajin da ake ma kirari a biki. Bakinka alekum, ko a fada wurin shayi, ko ga matarka in ka yi aure. In kuma aka tura ka kamfanin kawunka ko na surukinka ka faɗa ma shef tun kafin a tashi, a canja ka. Sannan alheri. Ranar ƙirgar nan da na ba ka labari, da zan tahi na tarar an ɗora buhun shinkafa guda bayan babur ɗina, wai na yara. Da zuciya guda aka yi, al'adarmu ce, kuma sitajiye aljihunshi ba komi, na tsaya ina kallon buhun nan kamar in yi kuka. Na ce a yi mini haƙuri dokar aikinmu ce ta hana, in na karɓa kora ta za a yi, aka sauke ana dariya. Ruwa da abincin rana ba laifi, abin da ya wuce nan ka aza laifin a kan kabine ka zame, kuma ka faɗa ma shef. Ka tuna a watan Maris wannan kamfanin ne na koma na ce ribarsu ta yi yawa da miliyan 7, da na ci shinkafar ban san da wane baki zan faɗa ba.

Zancen karatu gaba, in kana son wata rana ka sa hannu a rahoto da sunanka sai ka zama ƙwararren kontabul mai rajista a ONECCA, ƙungiyar ƙwararrun kontabul ta ƙasa, hanyar UEMOA kuma ita ce digirin DESCOGEF, sannan sitaj na shekara uku, sannan digirin ƙarshe DECOFI. Wannan ka bar shi sai ka ga Afrilun farko ta wuce ka san ko aikin ya karɓe ka. Yanzu dai kafin ranar farawa ka samu wani kontabul da ka sani ya ba ka tsohon balans da takardar banki ta wata guda, ya goge sunaye, ka zauna ka daidaita su da hannunka har su tsaya lamba guda. Ka sayi takalmin da za ka iya hawa tarin buhu da shi, da abin rufe hanci, don ƙurar mangazar hatsi a watan Disamba ga hunturu sai ka yi sati kana tari.